Malam Ya Ce Bai Ga Jingarka Ba: Me Za Ka Rubuta Masa?

Irin wannan saƙon ba ya wuce layi biyu. "Ina haɗa makin zango, ban ga jingarki ba. Me ya faru? Ranar Juma'a zan miƙa sakamako." Babu doguwar gaisuwa, babu faɗa. Duk da haka ɗalibin da ya buɗe imel ɗinsa ya ci karo da shi, sai gabansa ya faɗi, ya shiga laluben uzurin da zai kawo. Wasu ma rufe wayar suke yi, su ce sai gobe. Goben ta zama jibi, Juma'a ta zo ta wuce.

Kafin a kai ga abin da za a rubuta, ya kamata a fahimci halin da malamin yake ciki lokacin da ya aiko da tambayar. Yana zaune ne da takardar maki a gabansa, sunaye jere da lambobin rajista, ya iso kan wani suna ya ga gurbi babu komai. A ajin da ke da ɗalibai ɗari biyu ko uku, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rubuta sifili ya wuce, kuma ba wanda zai tuhume shi. Tunda har ya tsaya ya tambaya, to bai yanke hukunci ba tukuna. Yana so ne ya san ko aikin ya ɓata a hannunsa, ko a hanya, ko kuwa tun farko ba a yi shi ba, domin kowanne da matakin da zai ɗauka a kai. Amsar da ta taimaka masa ya yanke shawara da wuri ita ce amsa mai kyau. Wadda ta ƙara masa aiki kuwa, ko da ta cika da ladabi, ba ta amfani mai ita ba.

Abin da ke cikin wannan gurbi ba kaɗan ba ne. A jami'o'in Najeriya, makin ayyukan zango, wato gwaji da jinga da makamantansu, yakan ɗauki 30 ko 40 cikin 100, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. Mu ɗauka kwas ne da aka raba 40 ɗinsa gida biyu, gwaji 25, jinga 15. Ɗalibar da ta ci 16 a gwaji, ta kuma ci 36 cikin 60 a jarrabawa, za ta tashi da 52 idan babu jinga, wato C. Da ta miƙa aikin ta samu ko da 10 ne, da ta tashi da 62, wato B. Wanda ke gefen rami kuwa lamarinsa ya fi tsanani: 10 a gwaji da 24 a jarrabawa 34 ke nan, ya faɗi, kwas ya bi shi zuwa baɗi a matsayin kariyoba. Maki 8 na jinga da ya kai shi 42, ya tsallake a jami'ar da ake cin kwas da 40. Saboda haka wasiƙar da muke magana a kanta, gajeriya ce, amma tana iya zama bambancin kammala karatu tare da 'yan ajinka da ƙara shekara.

Fara sanin gaskiyar da kanka

Abin mamaki, da yawa daga cikin masu rubuta "wallahi Malam na tura" ba ƙarya suke yi ba. Sun danna tura, sun ajiye waya, hankalinsu ya kwanta. Sai dai danna tura daban, isar saƙo daban. Don haka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ba kanka minti goma ka bincika.

Buɗe Gmail ɗinka ka shiga `Sent`. In saƙon yana nan, duba adireshin da ka aika wa harafi bayan harafi, ka kuma duba ko fayil ɗin yana manne da shi. Sau da yawa za ka tarar an rubuta gaisuwa da bayani, an manta ba a haɗa aikin ba. In ba ya cikin `Sent`, leƙa `Outbox`. Wanda ya tura saƙo a waya lokacin da sabis ke rawa, ko data ta ƙare ana tsakiyar lodi, yakan same shi a can da kalmar `Queued` a gefensa, bai taɓa barin wayar ba. Sai `Drafts`, inda saƙon da aka fara ba a ƙarasa ba yake kwanciya. Ka kuma nemi wani saƙo daga `Mail Delivery Subsystem`, wanda mutane da yawa ke gogewa ba su karanta ba. Shi ne mai shaida maka cewa adireshin da ka rubuta babu shi, wasiƙarka ta dawo.

Akwai wata matsala ta masu ɗaukar hoton aikin da suka rubuta da hannu. Gmail ba ya ɗaukar abin mannawa da ya wuce megabait 25. In ya wuce, sai ya mai da shi mahaɗin Google Drive, kuma in ba ka ba malamin izinin buɗewa ba, ƙofa a kulle zai tarar. A Google Classroom kuma, ɗora fayil bai wadatar ba sai an danna `Turn in`; in ba haka ba, da wa'adi ya wuce `Missing` za a gani a gaban sunanka. In kuwa a takarda aka karɓa ta hannun wakilin aji, kira shi ka tambaya ko akwai takardar da masu miƙawa suka sa wa hannu, ko sunanka na ciki.

Bayan wannan binciken za ka samu kanka a ɗaya daga cikin hali uku: ka tura bai isa ba, ka yi aikin ba ka tura ba, ko ba ka yi ba. Na farko mai sauƙi ne. Ka faɗi rana da sa'ar da ka tura, ka faɗi abin da ka gano ya faru, ka sake manna aikin a wannan amsar, ka haɗa da shaida. In adireshi ka yi kuskure, ka ce kai ka yi kuskuren. Kada ka ce wa malami ya sake duba akwatinsa da kyau kamar shi ne mai sakaci. Ka ce wataƙila saƙon ya faɗa `Spam`, ga shi ka sake aikowa don sauƙaƙa masa. Na biyu ma bai da wuya, tunda aikin na hannu. Na ukun shi ne inda ake gwada mutum, kuma a kansa za mu zauna.

Wasiƙa biyu a kan magana ɗaya

Mu ƙaddara ɗaliba ce 'yar aji uku. An ba da jingar mako uku kafin wa'adi, wa'adin kuma Alhamis ɗin da ta wuce. Mako biyun farko ba ta taɓa aikin ba, tana cewa akwai lokaci. Ta fara a mako na uku, sai ranar Litinin aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, ta tafi jinya, ba ta dawo makaranta ba sai Asabar. Ta rubuta kamar rabi. Kunya ta hana ta zuwa wurin malamin, ta yi shiru tana fatan ba zai lura ba. Ranar Talata saƙonsa ya shigo.

Ga abin da hannu kan fara rubutawa a irin wannan hali:

> Salam sir. Don Allah don Annabi ka taimake ni, wallahi abubuwa ne suka yi mini yawa, mamana ba lafiya, ga matsalar wuta, ga wayata ta lalace, ban san yadda zan yi ba. Ka dubi girman Allah ka taimaka mini kada in faɗi kwas ɗin nan, kai kamar uba ne a gare mu. In sha Allahu zan kawo.

Malamin da ya karanta wannan bai ƙaru da komai ba. Bai san wace ce ba in adireshinta laƙabi ne irin na ƙawaye. Bai san ko an fara aikin ba. Bai san yaushe za a kawo ba, domin "in sha Allahu zan kawo" da babu rana a jikinsa, malamai sun daɗe da sanin inda yake ƙarewa. Dalilai uku da aka jera kuma, maimakon su ƙarfafa juna, sai suka raunana juna: rashin lafiyar uwa gaskiya ce, amma da aka jingina mata wuta da waya, ita ma ta koma kamar cikon uzuri. Mafi muni, ba a gane me ake roƙo ba. "Ka taimake ni" a kunnen malami na iya nufin a ba da makin da ba a yi aikinsa ba, kuma malami mai tsare mutuncinsa da ya ji ƙamshin haka sai ya ja baya.

Ga yadda ya kamata ta rubuta, ta hanyar danna `Reply` a kan saƙonsa, ba buɗe sabo ba, don tambaya da amsa su zauna wuri ɗaya:

> Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki.
>
> Na gode da ka tuntuɓe ni. Ni ce [cikakken suna], lambar rajista [lamba], aji uku, a kwas ɗin [lambar kwas].
>
> Gaskiya ban miƙa jingar ba. Na makara wajen farawa, wannan laifina ne. Da na fara kuma, ranar Litinin ta makon wa'adi aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, na tafi jinya har Asabar. Ya kamata in sanar da kai tun lokacin, ban yi ba, ina neman afuwa.
>
> Na rubuta kamar rabin aikin, ga shi na manna don ka ga inda na tsaya. In ka amince, zan ƙarasa in turo kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis in sha Allahu, kwana ɗaya kafin ka miƙa sakamako. Na san akwai ragin maki ga wanda ya makara, kuma na yarda da duk abin da ka yanke. In ana buƙatar takardar asibiti, zan kawo.
>
> Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ba ta kai kalma ɗari da hamsin ba, kuma malami zai karanta ta a waya yana tsakanin lacca da lacca. Yawancin ɗalibai da Turanci za su rubuta, na Yamai da Maraɗi da Faransanci, amma ginin ɗaya ne.

Jimlar da ta fi kowace nauyi a ciki ita ce "na makara wajen farawa". Wani zai ce me ya kai ta, tunda tana da uzuri na gaske wanda ba mai ja da shi? Dalilin shi ne malamin ma ya iya lissafi. Ya san mako uku ya bayar, kuma jinyar kwana shida ba ta cinye mako uku. In ta ɓoye wannan ɓangaren, shi zai cike gurbin a ransa, ya ce ga wata ta fake da ciwon uwarta. Da ta faɗa da bakinta, ta rufe wannan ƙofar, sauran maganarta kuma ta samu karɓuwa. Ana iya jera kalmomi da kowace gaskiya ce a kan kanta, amma jimillarsu ta ba da hoton da ba haka yake ba. A ganina wannan rabin gaskiyar ya fi yawa a tsakanin ɗalibai fiye da ƙarya tsagwaronta, kuma tsofaffin malamai sun fi saurin gane shi.

Manna rabin aikin shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibai kan ji kunyar nuna abin da bai kammala ba, alhali shi ne shaidar da ta fi rantsuwa ƙarfi. Shafi uku da aka rubuta sun nuna an karanta tambayar, an fara tunani a kai. Kuma in malamin ya ƙi ƙara lokaci, yana da abin da zai duba ya ba da 5 ko 6 maimakon sifili.

Sai batun rana. Ta zaɓi Alhamis da tsakar rana ne saboda malamin ya ambaci Juma'a, kuma yana buƙatar lokacin dubawa. Ba ta ce "yau da daddare" ba don ta burge shi, domin ta san ba za ta iya ba. Wanda aka yi wa uzuri sau ɗaya ya saɓa wa'adin da shi da kansa ya yanka, ya gama zubar da damarsa a wajen wannan malamin, wataƙila har ya kammala karatu. Ka lissafa awannin da aikin ke buƙata, ka ƙara da na ɗaukewar wuta da na layin kafe, sannan ka faɗi lokaci.

Gaisuwar kuwa layi ɗaya ce. Mu Hausawa ba ma shiga magana ba mu tambayi gida da iyali da gajiya ba, kuma a ofis hakan daidai ne. A imel, sallama da "barka da aiki" sun wadatar. Abin da ba a wasa da shi shi ne muƙami: in Dakta ne a ce Dakta, in Farfesa ce a ce Farfesa, in ba a tabbatar ba Malam ko Malama ba ya ɓata wa kowa rai.

To, in babu jinya, babu komai, mantuwa ce kawai ko lalaci? Wasiƙar ta ƙara gajarta ke nan. "Ban yi aikin a kan lokaci ba, kuma ba ni da wani uzuri da zan kawo. In akwai dama, zan turo ranar kaza da ƙarfe kaza." Da wuya a rubuta, amma malamin da ya sha karanta labaran mutuwar kaka da satar laftof, irin wannan amsar takan tsaya masa a rai.

Inda ƙarya ke tonuwa

Dabarun ɗalibai a wannan fanni ba su da yawa, kuma malamai ma sun yi ɗalibta. Akwai mai tura fayil ɗin da ya lalata da gangan, wanda ba ya buɗuwa, don ya samu ƙarin kwana biyu kafin a ce ya sake turowa. Maganinsa jimla ɗaya ce: "Bai buɗe ba, sake turo mini cikin awa ɗaya." Wanda aikinsa ke hannu zai turo cikin minti biyar. Akwai mai cewa tun makon jiya ya gama, ya manta cewa fayil ɗin Word na ɗauke da ranar da aka ƙirƙire shi da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, ana gani a `File` sannan `Info`. A Google Docs kuma `Version history` na nuna yadda rubutun ya taru, rana da sa'a. Akwai mai gyara hoton allon waya ya canja kwanan wata, sai malam ya ce ya zo ofis ya buɗe `Sent` a gabansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ɗalibai ba sa aunawa shi ne bambancin girman laifukan biyu. Rashin miƙa jinga sakaci ne, iyakarsa asarar maki 15, kuma tsakaninka da malaminka ne. Takardar asibiti ta bogi ko hoton da aka gyara kuwa jabu ne, maganarsa ta kwamitin ladabtarwa ce, hukuncinsa na iya kaiwa ga dakatarwa ko kora. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar takardar asibitin waje sai asibitin makaranta ya tantance ta, a nan ne kuma ta bogi ke tonuwa. Haka kwafo aikin aboki cikin dare don a cika alkawarin Alhamis: aikin da ya zo shi kaɗai bayan kowa ya miƙa, shi malami ya fi karantawa a tsanake, kuma na abokin bai daɗe da barin hannunsa ba. Ga shi imel ba ya gogewa daga akwatin wanda aka aika wa. Abin da ka faɗa a baki a bakin ofis ana iya mantawa, wanda ka rubuta da sunanka da lambarka yana nan.

Faɗin gaskiya kuma bai wajabta maka tona asirin gidanku ba. Ɗalibar nan ta ce an kwantar da mahaifiyarta, ba ta faɗi ciwon ba, kuma ba a buƙata. Wanda ke fama da rashin lafiyar da ba ya son a sani, ko rikicin aure, ko wata damuwa da ta hana shi sukuni, yana iya cewa "wata matsala ce ta iyali da ba zan so in yi bayaninta a rubuce ba, amma zan iya yi wa kodinetan ajinmu bayani in ana buƙata." Wannan gaskiya ce cikakkiya, an dai sa mata iyaka. Rashin kuɗin data ko na buga takarda shi ma ba abin kunya ba ne a faɗa, kuma sau da yawa malami zai ce a rubuta da hannu a kawo.

Wani abin da nake ganin ya kamata a rage shi ne kamun ƙafa. Ɗalibi ya kasa rubuta layi shida, sai ya nemi kawunsa da ya san wani a sashen ya yi masa magana. Malamin da ya tambaye ka kai tsaye, kai yake jira ka amsa. In amsar ta biyo ta bakin wani babba, ya san an zo a matsa masa ne, ko ya yarda ba da daɗin rai ba. Ga ɗalibai mata musamman, barin maganar a imel kariya ce gare su da malamin baki ɗaya, domin komai a rubuce yake, ba wanda zai ce an ce.

Duk da haka, kada a ɗauka wasiƙa mai kyau na buɗe kowace ƙofa. Malami na iya cewa a'a, kuma yana da hujja: sauran 'yan aji sun kwana ba barci sun cika wa'adi, wataƙila ma ya riga ya yi bitar amsar a aji. In makin ya bar hannunsa ya shiga wajen jami'in jarrabawa, sashe ya zauna ya amince, canja shi ya zama aikin takardu da sa hannun shugabanni, ba abin da zai yi shi kaɗai ba ne. Shi ya sa amsa a ranar da saƙon ya shigo ta fi amsa mai tsari da ta zo bayan kwana uku. In ya ƙi, ka yi godiya a layi ɗaya, ka zauna ka yi lissafi. Ɗalibar da ke da 16 a gwaji tana buƙatar 24 cikin 60 don ta tsallake, 34 don ta samu C, 44 don ta samu B. Sanin wannan ya fi mata amfani fiye da wasiƙar magiya ta biyu.

In kuwa ka tabbata ka miƙa a kan lokaci, kana da shaida, aka ƙi saurararka, akwai hanya: kodinetan aji da farko, sannan shugaban sashe, da shaidarka a hannu da harshe mai laushi. In shiru ka ji bayan ka amsa, kada ka zauna jiran izini. Ci gaba da aikin, ka tura shi a lokacin da ka ambata, a kan wannan zaren saƙon, ka sa sunanka da lambarka a sunan fayil ɗin. Bayan ka danna tura, ka shiga `Sent` ka buɗe fayil ɗin ka gani da idonka kafin ka ajiye wayar.